An rufe min asusun talla bayan kati ya ƙi biya

Tambaya: Malam, ina sayar da turaren wuta da humra a Samaru, Zariya. Katina ya ƙi biyan kuɗin tallan Facebook, na sa na ƙanina, washegari aka rufe asusun. Wani ya ce in ba shi dubu goma ya buɗe min. In ba shi?

Amsa: Hajiya, kada ki ba shi ko sisi. Ki fara shiga Ads Manager, ki buɗe Billing & payments, ki ga ko akwai bashi. Sau da yawa harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan talla ne ke kayar da mutane. Kin yi tallan naira 20,000, kin bar 20,000 cif a kati, alhali 21,500 za a cire. Saboda 1,500 sai biyan ya faɗi, tallan ya tsaya. Wannan mai sauƙi ne: ki zuba kuɗi a katinki, ki tabbatar bankinki bai toshe shi daga sayayyar intanet ba, ki danna Pay now sau ɗaya. Kar ki yi ta dannawa.

Naki ya ɗan wuce nan, don katin ƙaninki ya shigo. Na'urarsu ba ta san zumunci ba. Abin da ta gani shi ne kati ya faɗi, sai ga wani mai sunan wani mutum daban, kuma haka ɓarayin kati ke yi. Ki mayar da kati mai sunanki, ki biya bashin, sannan ki je Business Support Home, ki zaɓi asusun, ki danna Request review. In sun nemi shaida, ki ɗauki hoton katin ɗan ƙasa ko fasfo a wuri mai haske, sunan ya dace da na asusunki. Wani lokacin sukan riƙe ɗan kuɗi kaɗan a katin, su ce ki shigar da lambar da ta fito a bayanin cirewar. Daga nan sai jira.

To, mai dubu goma. Kusan kullum sai an kawo min irin wannan, har na gaji. Ba shi da wani ɗan'uwa a kamfanin, ba shi da wani maɓalli da ke ba ki da shi. In mai ɗan tsoron Allah ne, Request review ɗin nan zai danna, wanda kyauta ne. In ba haka ba, zai karɓi kalmar sirrinki da lambar da aka turo wayarki, ya cire ki daga shafin, ya yi tallansa da katinki. Wasunsu kuma sabon asusu suke buɗewa su ce an gyara. Waya ɗaya, kati ɗaya, shafi ɗaya, ga bashi a baya: za a haɗa su, a ɗauka kina zille wa hukunci ne, a rufe sabon, tsohon ma ya ƙara wuyar dawowa. In har kin riga kin ba shi kalmar sirrin, ki canja ta yau, ki kira bankinki su toshe katin.