Gajiya Ta Riga Mu Zama

"Malam, littafin dattijon nan na garin Mai Wurno a Sudan da aka kawo mana duban ƙarshe, na ja layi a wuri goma sha ɗaya a shafi biyu, ka goge tara ka bar biyu. Hausarsa ba irin wadda muka saba bugawa ba ce. Yaya zan gane inda zan sa jan biro da inda zan ɗauke hannu?"

Jawo kujera, ɗana, ka buɗe shafi na goma sha huɗu. Mu ɗauki sakin layi ɗaya, ya ishe mu. Ga abin da ke rubuce:

"Da munka iso Sawakin, gajiya ta riga mu zama. Inna ba ta yi kuka ba, idonta dai ya yi. Sai baki sunka cika masaukin, akan tabarma guda muka kwana mu bakwai."

Biyun da na bar maka duk a nan suke. "Baki" ba shi ne ke cika masauki ba, baƙi ne, lanƙwasa ce ta faɗi wajen bugawa. "Akan" a haɗe ta al'ada ce, kamar a ce akan yi sallar asuba da wuri, shi kuwa bisa tabarma yake nufi, don haka "a kan" ce, a rabe. Waɗannan ko an tashi mai littafin daga barci aka nuna masa, zai ce madalla. To wannan shi ne ma'aunina na farko: in na gyara, marubucin zai gode ne, ko zai ce wa ya aike ka?

Sai jimlar farko. Ka soke "gajiya ta riga mu zama", ka rubuta "mun gaji ƙwarai". Nuna mini laifinta. Gajiya mace ce, ya ce "ta". "Riga" ta ɗauki "mu" yadda ya kamata, kamar ka ce ya riga mu isowa. Ma'ana fa? Ko yaron da ke kawo mana shayi ya ji ya san mutanen nan sun iso ne a jigace, kafin su kai ƙasa gajiyar ta shimfiɗa tabarmarta. Abin da ya dame ka shi ne ba ka taɓa jin wani ya faɗe ta ba. Ni ma ban taɓa ji ba, shi ya sa ma nake sonta. "Mun gaji ƙwarai" kowane alhaji na faɗa idan ya dawo daga jifa. Haka ta Inna: ka mayar da ita "ta yi hawaye", alhali shi so yake ka ga dattijuwar ta daure, ido ne ya ci amanarta.

"Munka" da "sunka" ne suka fi ba ka wahala, kuma ban ga laifinka ba, Hausar makaranta ka karanta, ita kuwa kan karin Kano aka gina ta. Amma ka dubi wanda ke magana. Mutanen Mai Wurno, can bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, tushensu ayarin da ya biyo Sarkin Musulmi Attahiru ne, wanda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da shi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903. Dattijon nan ya ce kakanninsa daga ƙasar Sakkwato suka taso, kuma harshen da ya sha a nono ke nan. Littafin tarihin gidansu ne, da bakinsa yake ba da labari. In ka mayar da shi Bakano, jikokinsa za su karanta su ji ba muryar kakansu ba ce.

Yadda ake gane kari daga kuskure kuwa, ƙidaya ce kawai. Kuskure ba ya da ƙa'ida, yau yana nan gobe yana can. Kari yana da ita. Daren jiya na bi shafi ashirin na farko da fensir: munka, sunka da anka sun haura talatin, "muka" sau uku kacal, ɗaya ga ta nan a ƙarshen sakin layinmu. Ka ga ke nan baƙuwar ita ce "muka", wadda kai ka wuce ta ba ka ko kalla ba. Zatona jikansa da ya buga masa a kwamfuta ne hannunsa ya zame zuwa abin da ya saba. Amma zato ne, don haka ban gyara ba. Na sa alamar tambaya a gefe da fensir, na rubuta: "Baba, munka ko muka?" Jan biro na abin da ka tabbatar ne, fensir na abin da kake shakka, layin da ka riga ka ja kuma ka gane ba laifi, sai ka jera ɗigo-ɗigo a ƙarƙashinsa ka rubuta "a bari".

Na koyi wannan ne da kunya. Ina sabon shiga, a wata maɗaba'a a Jidda, na tarar da "ya rasu ya bar ɗiya a gida". Na ce ai daidaitacciya "'ya" ce, na canja. Aka buga kwafi ɗari biyar. Ashe a bakin mutanen Sakkwato "ɗiya" tana zama 'ya'ya ma, karin sauti ne ke rarrabewa, shi kuwa ba ma rubuta shi. Mamacin 'ya'ya biyar ya bari, ni na mayar da su mace ɗaya. Babban ɗansa da kansa ya zo da littafin a hannu. Da na leƙa shafi na gaba kafin in taɓa, da na ga an ce "sunka raba gado". Tun ranar ƙamusun Bargery na 1934 ba ya barin teburina, domin yakan nuna maka kalma ta Sakkwato ce ko ta Katsina. Abin da ba ka samu a ciki ba, irin su igama da kafili da mutanenmu na nan Makka ke sakawa a zance, tambayi kanka wa zai karanta. In mazauna nan ne, bar su.

Kada kuma ka ɗauki wannan sassauci ka kai shi kan ɗan littafin aikin Hajji da ke jiranka gobe. A can mai karatu aiki zai yi da abin da ya gani. In malami ya rubuta "sai ya yi ɗawafi bakwai", nahawu bai karye ba, ana ma faɗin haka a baki. Amma ɗawafi ɗaya zagaye bakwai ne, kuma a cikin dubban alhazai ba a rasa wanda zai fahimci zagaye arba'in da tara. Nan ba a bari, ba kuma a gyarawa a ɓoye, tunda magana ce ta hukunci: ka rubuta "zagaye bakwai?" a gefe, a kai wa malamin ya sa hannu.

Wani abu kuma da ba ka lura ba, shafukan dattijon an riga an tsara su. Kalma uku da ka ƙara a shafi na goma sha biyar sun ture layi ɗaya zuwa na goma sha shida, hoton da ke can ya sauka. Koma ka bi sauran waɗanda na goge, ka karanta kowace da ƙarfi kamar shi ke faɗa. Wadda har yanzu ta tsaya maka a wuya, sa mata fensir. Bayan la'asar jikansa zai zo, sai a haɗa masa tambayoyin a takarda ɗaya ya kai gida.