Gane matsayin masu kula da tasha a YouTube

Tambaya: Mu huɗu ne ke kula da tashar karatun malaminmu a Tudun Wada, Zariya. Yaya zan gane wanda zai iya wallafa bidiyo, da mai gyara, da wanda dubawa kawai yake yi?

Amsa: Malam, ka buɗe YouTube Studio a kwamfuta, ka shiga Settings, sannan Permissions. Za ka tarar da sunan kowa tare da matsayinsa, amma sai mai tashar ko mai matsayin Manager ne ke da ikon sauya abin da ke wurin.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne Editor, domin suna ɗauka gyara kaɗai yake yi, alhali yana iya ɗora bidiyo ya kuma wallafa shi ba tare da jiran amincewar kowa ba. Abin da aka hana shi shi ne goge bidiyon da aka riga aka wallafa, da ƙara wani mutum cikin masu kula da tashar ko cire shi. Manager kuwa duk yana da waɗannan, goge tashar ce kawai ta fi ƙarfinsa. Viewer ido ne nasa, ba ya taɓa komai. Kalmar Limited a gaban Editor ko Viewer tana ɓoye bayanan kuɗin shiga ne kawai, ba ta rage ikon wallafawa.

Saboda haka idan karatun Asabar ya fita kafin malam ya saurara, kada ka tuhumi Viewer. Ka nemi bayani wajen sauran. A ganina Manager ɗaya ya ishe ku. Wanda aka gayyata bai karɓa ba kuwa, gayyatarsa tana lalacewa bayan kwana 30.