Taro ɗaya, nahiyoyi uku: wa zai tashi da asuba, wa zai kai dare?

Tambaya: Ina jagorantar mutum tara: huɗu a San Francisco ta Amurka, biyu a Landan, uku a Bangalore ta Indiya. Taronmu na mako yana faɗawa ƙarfe 9:30 na dare a Bangalore, har sun fara guna-guni. Yaya zan sami lokacin da ba a zalunci kowa ba?

Amsa: Fara da cire rai daga samun sa'ar da ta yi wa kowa daɗi, domin a wannan haɗin naka babu ita. Ɗauko takarda ka mayar da lokacin aikin kowa zuwa agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya da duniya ke auna lokaci da shi, za ka gani da idonka. Mu ɗauka kowa na aiki daga 9 na safe zuwa 5 na yamma, a watan Janairu. 'Yan Bangalore, da suke gaba da awa biyar da rabi, suna kan aiki daga 3:30 zuwa 11:30. 'Yan Landan daga 9:00 zuwa 17:00. 'Yan San Francisco, da suke baya da awa takwas, sai 17:00 suke zama, wato daidai lokacin da na Landan ke tattara kaya. Bangalore da Landan sun haɗu na awa biyu da rabi, San Francisco kuwa ba ta haɗu da kowa ba.

Tun da haka ne, abin da za ka raba shi ne wahalar. Taronku na yanzu yana kan 16:00 ne a agogon UTC: takwas na safe a San Francisco, huɗu na yamma a Landan. Ka ja shi zuwa 14:00, sai ya zama 7:30 na dare a Bangalore, shida na safe a San Francisco. Waɗannan biyun su ne za ka riƙa juyawa, wata guda nan, wata guda can. Na fi son juyin wata a kan na mako, saboda mai kai yara makaranta ko mai jinyar tsoho a gida yana buƙatar ya san tsarinsa tun da wuri. Akwai masu zaɓen 15:00 wai a raba biyu. Idan mutanenka sun yarda, to, amma ka sani ɓangarori biyu ne za su ɗan sha wuya kowane mako, ba ranar hutu.

Ka lura 'yan Landan ko ta ina aka juya suna cikin inuwa, kullum da rana suke shiga. Kada ka tashe su ƙarfe huɗu na asuba don kawai a ce kowa ya ɗanɗana, wannan mugunta ce da ba ta amfani kowa ba. Su biya nasu kason da aiki: su ne za su rubuta abin da aka yanke, su kuma zama gada, su tattauna da Bangalore da safensu, su miƙa wa San Francisco kafin su tashi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne sauyin agogo. Amurka tana tura agogonta gaba ranar Lahadi ta biyu ta Maris, Birtaniya sai Lahadin ƙarshe ta watan, Indiya kuwa ba ta taɓa nata. Don haka akwai mako biyu ko uku a Maris da tazarar Landan da San Francisco ke komawa awa bakwai, haka kuma mako guda a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Manhajar kalanda tana kafe taro ne da agogon da aka ƙirƙire shi da shi. Idan da na San Francisco aka kafa, ɗan Bangalore zai wayi gari ya ga taron ya matsa da awa guda ba wanda ya shawarce shi. Kafa shi a kan UTC ko a kan Asia/Kolkata, wato agogon Indiya a manhajar, masu sauya agogo su ɗauki motsin. Kuma kada ka rubuta IST, gajeren sunan agogon Indiya, a saƙo, domin Indiya da Isra'ila da Ireland duk suna amfani da shi.

Kafin ka yanke, tambayi kowa shi kaɗai sa'o'in da zai iya da waɗanda sam ba zai iya ba. A gaban jama'a, ƙaramin ma'aikaci "ba komai" zai ce maka ko da akwai komai. Alamar cewa tsarin yana cutar da wani ita ce kyamara a kashe, baki a rufe, sannan washegari ya aiko da tambayar da ya kamata ya yi a taron. Ka kuma kauce wa Juma'a, don safiyarta a San Francisco daren shiga hutun mako ne a Bangalore. Sa taron Talata ko Laraba, kada ya wuce minti 45, abin da rubutu zai iya ɗauka a bar wa rubutu.