Ram ɗina giga 4 ne, in na ƙara mai giga 8 mai wani gudun daban zai ƙona laftof?

Tambaya daga wani ɗalibi a Gusau: "Salam malam. Ina da HP EliteBook 840 G3 ta hannu, ram ɗinta giga 4 ne, a jikin sitikar an rubuta PC4-2133P. Wallahi in na buɗe Chrome da Word da SPSS lokaci ɗaya sai ta kama jan ƙafa, ga shi ina tsakar rubuta furojet. Na samu wani mai shago yana da giga 8 PC4-2666V, amma abokina ya ce in na haɗa su madabod zai ƙone, wai dole sai iri ɗaya. To in nemi wani giga 4 ne ko in sayi wanga ko in zubar da nawa in sayi biyu sabbi? Kuɗin dai ba su da yawa."

Wa alaikumus salam ƙanena. Sayi giga 8 ɗin nan ka ɗora kan naka, ka tashi da 12. Madabod ɗinka ba zai ƙone ba. Sharaɗi ɗaya ne kawai, ku yi magana da mai shagon tun kafin ka ba shi kuɗi cewa in an gwada bai zauna lafiya ba zai canza maka, zan gaya maka yadda ake gwajin a ƙasa.

Dalilin da ya sa ba ya ƙonewa shi ne duka biyun DDR4 ne, wannan PC4 da ka gani a farkon rubutun shi ke nuna haka, kuma DDR4 na laftof wuta ɗaya suke ci, bolt 1.2, ko mai 2133 ne ko 2400 ko 2666 ko 3200. Lambar gudun da ke jikin sitika iyakar abin da ram ɗin zai iya ne, ba wai dole sai a nan zai yi aiki ba. A jikin kowane ram akwai wani ɗan ƙaramin cif da ake kira SPD, a ciki aka rubuta gudun da yake iyawa, to duk lokacin da ka kunna kwamfuta sai BIOS ya karanta na kowa ya zaɓi gudun da dukkansu suka yarda da shi. Kamar shanun huɗa ne, in ka ɗaure sa mai sauri da mai nawa a karkiya ɗaya tafiyar mai nawan za a yi, ba wanda zai karye. Wato naka mai 2666 zai sauko ya yi aiki a 2133 shi ke nan.

A taka laftof ɗin ma ba ka yi asarar komai ba, don 840 G3 furosesa ƙarni na shida ke cikinta, irin su i5-6200U ko i5-6300U, kuma su a 2133 suke tsayawa da DDR4. Ko ka cire tsohon ka bar mai 2666 shi kaɗai, in ka duba 2133 za ka gani. Shi ya sa in wani ya ce ka ƙara kuɗi ya ba ka mai 3200 wai ya fi sauri, ka ce mishi na gode, a wagga na'urar kuɗin banza ne.

Inda maganar abokinka take da ɗan tushe shi ne haɗa ƙarni daban. DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa haɗuwa ko kaɗan, ƴar tsagar da ke tsakiyar haƙoran ma ba wuri ɗaya take ba, na laftof DDR3 haƙora 204 gare shi, DDR4 kuma 260, don haka ba zai shiga gurbin ba sai in mutum ya danna da ƙarfin tsiya, to a nan ne ake fasa gurbi. Ka lura da wannan sosai don yayyen laftof ɗinka, 840 G1 da G2, su DDR3L suke ɗauka, wanda ake rubuta wa PC3L, kuma a ido kamar ɗaya suke da naka, in mai shago ya ji ka ce 840 kawai yana iya miƙo maka shi. Karanta sitika da idonka, PC4 kake nema, kuma gajeren na laftof ba dogon na destof ba.

Yanzu maganar girma, 4 da 8. Abin da ya sa mutane ke cewa a sa iri ɗaya shi ne furosesa na da hanyoyi biyu na magana da ram, kowane gurbi da tashi hanya, in ka cika duka biyun sai ya riƙa ɗibar bayanai ta hanya biyu lokaci ɗaya. A halin da kake yanzu da ram ɗaya tal, hanya ɗaya kake amfani da ita, ɗayar na zaune ba aiki. In ka sa 4 da 8 ba wai tsarin ya lalace ba ne, Intel na da dabarar da suke kira Flex, za a ɗauki giga 4 na tsohon a haɗa da giga 4 daga cikin sabon su zama giga 8 masu tafiya ta hanya biyu, sauran giga 4 da suka rage a sabon su yi tafiya ta hanya ɗaya. To ka gani, duk abin da 4 da 4 za su ba ka ka same shi, ga kuma ƙarin giga 4 a sama. Ni ban ga ta inda 8 za ta fi 12 ba a nan.

Kuma gaskiya bambancin hanya ɗaya da hanya biyu ba a Word ko SPSS ake jin shi sosai ba. An fi ganin shi a gem da aikin bidiyo, saboda laftof ɗinka ba ta da katin hoto na daban, Intel HD 520 ne, daga cikin ram ɗin yake yankar nashi rabon. Abin da ke kashe ka yanzu ba gudu ba ne, ƙarancin wuri ne. In ram ya cika Windows sai ya fara kwashe kaya yana zubawa a dis yana dawo da su, dis kuwa ko SSD ne bai kama ƙafar ram a sauri ba, balle tsohon mai juyawa, wannan kai da kawowar ita ce jan ƙafar da kake gani in ka koma wani tab ya tsaya yana tunani.

Kana iya auna buƙatarka da kanka ba sai wani ya yanka maka ba. Buɗe duk abin da ka saba buɗewa a ranar aiki, Chrome da tab ɗinka duka har da WhatsApp, Word da SPSS da fayil ɗin bayananka a ciki, ka yi aiki kamar rabin awa, sannan ka danna Ctrl+Shift+Esc, ka shiga Performance, ka taɓa Memory. Kar ka tsaya kan In use, don shi ba zai taɓa wuce abin da kake da shi ba. Duba Committed, lambobi biyu ne da tsaga a tsakani, ta farkon ita ce abin da manhajojin suka nema. Misali in ka ga 6.8 a farko alhali giga 4 gare ka, to 8 za ta ɗauke ka amma da kyar, ka ƙara tab goma ko ka shiga Zoom ka koma gidan jiya, 12 kuwa ta ba ka sarari. In da a ce ka ga ta haura 11 ko 12 to sai mu fara maganar 16. A ganina yau giga 8 shi ne ƙasa ga mai Windows 10 ko 11, duk da Microsoft sun rubuta 4 a matsayin mafi ƙanƙanta na Windows 11, wannan na ta kunnu ne kawai ba na a ji daɗin aiki ba. 16 na masu Photoshop da yanka bidiyo da AutoCAD ne. Laftof ɗinka tana ɗaukar har 32 amma furosesa mai ƙwaya biyu zai gaji tun kafin ka cinye su. Wani amfanin sayen 8 yanzu, duk ranar da kuɗi suka samu ka cire 4 ɗin ka sa wani 8 ka zama 16, in ko 4 ka saya sai ka zubar da biyu kafin ka kai can.

Abu biyu ka duba kafin ka fita gida. Na farko Settings, System, About, ka ga System type, in 32-bit aka sa maka to bai ganin fiye da wajen giga 4 komai ka zuba, sai an sake loda 64-bit. Na biyu a cikin Task Manager ɗin ka kalli Disk, in HDD ne kuma kullum yana 100%, to ram zai rage ciwon amma SSD ne zai canza maka laftof ɗin.

Wajen sawa, kashe ta gaba ɗaya ba silif ba, zare caja, a kwance marfin ƙasa, a cire batir ɗin da ke ciki tukuna. Lokacin hunturu jiki na tara wuta, taɓa wani ƙarfe kafin ka ɗauki ram, kuma ka riƙe shi ta gefe kar yatsa ya hau haƙoran. A karkace ake tura shi har haƙoran su ɓace cikin gurbi sannan a danna ƙasa ƴan maƙallan biyu su ce ƙas. In gurbin da ba kowa ya sha ƙura a hure shi. Kunnawar farko tana iya ɗan jimawa sikirin na baƙi, ba ta kamar minti ɗaya kar ka firgita.

To me ke iya faruwa in ba su jitu ba? Yana faruwa jefi-jefi, ko don kamfanonin cif ɗin sun sha bamban ko don ram ɗin na hannu ne da ma can yana da ciwo. Ko dai ta ƙi kawo hoto fitilar Caps Lock na ƙiftawa, ko ta kunnu ta nuna 4 kawai ko 8 kawai, ko ta yi aiki lafiya sannan can ta watso shuɗin sikirin mai rubutu irin MEMORY_MANAGEMENT. Biyun farko yawanci rashin zama daidai ne, cire ka sake turawa sosai. Ba ɗaya daga cikinsu da ke lalata madabod, kana cire sabon komai ya koma yadda yake. Na ukun ne abin tsoro, don ram mai kuskure yana iya ɓata fayil a ɓoye, ga ka da furojet, don haka kwafe aikinka a filas kafin ma a buɗe laftof ɗin.

Gwajin farko a shagon za ka yi shi. Tabbatar Task Manager ya nuna 12.0 GB da Slots used 2 of 2 da Speed 2133, sannan ka danna Windows da R ka rubuta

```
mdsched.exe
```

ka zaɓi ta sake kunnawa yanzu, za ta yi gwajin ta dawo. Wannan na sama-sama ne. Na gaske shi ne MemTest86, kyauta ne, a filas ake sa shi a tayar da laftof daga nan, yana zagaye huɗu kuma yana cin awanni, don haka bari sai daren da aka kawo wuta ko inda ke da sola, a jona caja a ɗora ta kan tebur ba katifa ba. Kuskure ko ɗaya ne ya fito bai ci ba. In ya fito, cire tsohon ka gwada sabon shi kaɗai, sannan tsohon shi kaɗai. Wanda ya faɗi shi kaɗai shi ne mai ciwon. In kowa ya ci shi kaɗai amma tare sun faɗi, to jituwa ce babu, mayar wa mai shago ya ba ka na wani kamfanin, ko kuma ka bar 8 ɗin shi kaɗai ka sa mishi tsohon naka ya rage maka kuɗi.