Ɗan yayata zai sayar min da laftof, batirinta wai awa takwas

"Salam Malam. Ina da shagon kayan masarufi, ina so in sayi laftof saboda rubuta kaya da basukan kwastomomi, littafi ya ishe ni. Matsalar wuta ce, wani lokacin sai mu wuni ba a kawo ba. Ɗan yayata ya ce yana da wata babba ta gem, Core i7, batirinta na kai awa takwas, zai bar min a dubu 450, kuma zai koya min kirifto a kanta ta mayar da kuɗinta cikin wata biyu. Kuɗin da na ware kenan gaba ɗaya. In karɓa?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka karɓa tukuna. Wanda zai sayar maka shi ne kuma mai ba ka shawara, kai kuma kunyar yayarka ba za ta bar ka ka ce a gwada ba, wannan ita ce matsalarka, ta fi ta wuta girma. Kai da ba ka karɓar buhun sukari sai ka duba ɗinkinsa, yau za ka miƙa dubu 450 a kan "wallahi Kawu tana kai awa takwas"? Ban ce yaron maƙaryaci ba ne, ƙila ranar da tana sabuwa ta taɓa yin wani abu kusa da haka, amma batir tsufa yake, kuma zafin garinmu na watan Afrilu yana saurin cinye shi. Maganar kirifton nan kuwa ka ajiye ta can, wanda ya san hanyar ninka kuɗi a wata biyu me zai sa ya sayar da na'urar da yake ninkawa da ita?

Ka ce ya kawo ta shago. A buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta wannan:

```
powercfg /batteryreport
```

Za ta nuna inda ta ajiye wani fayil, a buɗe shi, layi biyu kawai za ka nema. DESIGN CAPACITY shi ne abin da batirin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi, FULL CHARGE CAPACITY kuma abin da yake iya ɗauka yau. Misali na farko ya nuna 57,000 na biyu 24,000, to ko rabi bai kai ba, tankin ya motse. Waɗannan 24,000 ɗin suna nufin za ta iya ba da wat 24 na tsawon awa ɗaya. Laftof ta gem ko lissafi kawai kake yi tana iya shan wajen wat 20, saboda injinta da allonta da fankokinta duk masu ci ne, ka ga awa ɗaya da 'yan mintuna kenan ta mutu kana tsakiyar rubuta bashin wani. Ƙaramar laftof ta ofis kuwa wat 8 zuwa 10 take sha a irin aikinka, idan batirinta ya nuna 40,000 za ta kai ka awa huɗu zuwa biyar. Ni in na biyun bai kai kashi 80 cikin ɗari na na farkon ba, sai a rage min kuɗin sabon batir ko a fasa.

Kuma kar ka tsaya a lambobin, batirin jabu yana iya nuna lamba mai kyau. A cika ta, a zare caja, ka yi aiki da ita awa guda cur kana kallon agogo. In ta sauko daga 100 zuwa 80 ko kusa, lafiya. In ta faɗo 40, ko ta mutu farat ɗaya alhali tana nuna 30, ka samu amsarka ba tare da ka ce wa kowa maƙaryaci ba. Ka kuma shafa wajen da ake jan yatsa, in ya tasa sama batirin ya kumbura, wannan ko kyauta ban so.

Abin da ya dace da kai irin na ma'aikata ne, ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, ko ta hannu ce ba komai, wadda lambar injinta ta ƙare da U, ta gem yawanci da H take ƙarewa. Core i5 ta ishi lissafin shago har ta yi yawa. Ka nace sai mai yin caji ta USB-C, don ita ce za ka iya haɗa wa fawa banki mai ba da wat 65. Mai 20,000mAh na gaske, bayan an cire asarar da ake yi wajen juyawa, zai sake cika maka ita kusan sau ɗaya, ka ga wunin kasuwa ya fita. Waccan ta gem cajarta wat 150 ne ko fiye, irin wannan fawa bankin ba zai riƙe ta ba, sai dai ka dinga tayar da inji kana ƙona fetur saboda rubuta bashi.

Sai kuma abin da ya fi ba ni haushi, ka ce kuɗin kenan gaba ɗaya, wato ko sisi ba ka bar wa kariya ba. Akwai wani mai shagon atamfa da nake duba wa lissafi shekarun baya, shi ma wajen ƙanin matarsa ya sayi laftof, aka haɗo shi da caja mara nauyi kamar kwalin ashana. Wata rana wayar nutural ta layinsu ta tsinke, ƙwayaye suka yi wani irin haske suka fashe, cajar ta wuce da wutar har cikin allon injin. Basukan wata bakwai suna ciki, ba kwafi a ko'ina, an dai samu an ciro wasu daga baya amma sauran sai abin da masu bashi suka ga dama suka tuna. Rasit babu, kuma wa zai kai ƙanin matarsa ƙara?

Ka gane wannan, ƙarancin ƙarfin wuta bai cika damun laftof ba, duba jikin caja za ka ga an rubuta 100-240V, shi ya sa sitabilaiza ba shi ne farkon abin saye ba. Masu kisa biyu ne. Akwai fizgar da wuta ke yi na ƙiftawar ido lokacin da aka dawo da ita ko aka yi tsawa, akwai kuma wuta mai yawa da ke zuwa ta zauna kamar ta mai atamfa. Ekstenshin mai kariyar fizga na farkon kaɗai yake tarewa, shi ma ba ya cika aikinsa in soket ɗinka ba wayar ƙasa, kuma shaguna da yawa ba su da ita, ka kira mai gyaran wuta ya duba. Wanda ake tallansa a baro mai jar fitila kuwa fitilar ce kawai. Na biyun sai ɗan akwatin nan da ake sa wa firji, wanda ke yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa da yawa, ya kuma jira 'yan mintuna bayan an kawo kafin ya saki. Shi za ka fara sakawa a bango, sannan ekstenshin, sannan caja ta asali mai nauyi a hannu. In an ɗauke wuta ka zare, haka in za a tayar da ƙaramin janareto, sai ya daidaita ka mayar.

Don haka cikin dubu 450 ɗin nan, wajen kashi uku cikin huɗu ne na laftof, ragowar na fawa banki da akwatin kariya da caja mai kyau da filas ɗin da za ka dinga kwafe lissafinka duk Juma'a. Wajen wanda za ka saya ya rubuta maka rasit da lambar jikinta da sharaɗin mayarwa na ko da sati ɗaya. Shi kuma ɗan naka, ka ce masa ta fi ƙarfin aikinka, in kana son kyautata masa ka ba shi na mai ya raka ka kasuwa ya buga maka wancan umarnin a kan duk wadda aka ɗauko.