Ruwa ya riƙe min numfashi, ƙwaurina kuwa sai da ya rama

"'Yan'uwa, likita ya ce ƙashin ƙwaurina ya tsage, in ajiye gudu na sati takwas. Wani ya ce in riƙa shiga ruwa. Gudu a ruwa ko iyo zai hana ni komawa baya kuwa, ko asarar kuɗi ce kawai?"

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Wallahi ina karantawa sai da na shafa ƙwaurina na hagu. Ni ma haka ta same ni ina shirin gudun Legas na Fabrairu. Wuri ɗaya ne ke ciwo, ɗan yatsa ɗaya zai rufe shi, in na yi tsalle da ƙafar kuwa kamar an soka min ƙusa. Na gaya wa mai horar da mu, ya ce ragwanci ne, namiji ba ya tsayawa don ƙwauri. Ya sa na ƙara sati uku a kan kwalta ina shan maganin ciwo. Ranar da ƙafar ta ƙi, a bakin titi na zauna bayan asuba, ya wuce da sauran yara ko waiwaye bai yi ba, wani mai Keke ne ya kwashe ni. Har yau mai horarwar bai ce min sannu ba. Mun haɗu a ɗaurin aure, wai "ina ka ɓuya?" Na bar shi da Allah. Hoton ƙashi na farko da aka yi min a asibiti ma bai nuna komai ba, irin wannan tsagewar takan ɓuya a satuttukan farko, shi kuwa ya samu abin kafa hujja.

Ba asara ba ce, in likitanka ya amince. Amma ɓangare mai zurfi za ka shiga, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ka ɗaura bel ɗin soso a ƙugu ya riƙe ka, ruwa iya wuya. In ba ka iya iyo ba, kar ka shiga sai mai tsaron wurin yana tsaye a kanka. Ka miƙe kamar kana gudu a tudu, gwiwa na tashi, hannu na tafiya gaba da baya, taku gajere da sauri. Da na fara ina kifewa gaba ina yaƙushin ruwa kamar kare, ina murna ina cin nisa. Ashe in kana saurin isa bango, iyo kake yi, ba gudu ba.

Kuma gudun lallaɓa ba ya aiki a ruwa, sai ka yi awa ba ka yi haki ba. Ni minti 10 nake ɗumama jiki, sannan minti biyu da ƙarfi, minti ɗaya a hankali, sau takwas, kwana huɗu a sati. Kar agogo ya ruɗe ka, bugun zuciya a ruwa yakan gaza na tudu da kamar 10 a minti ko da wahalar ɗaya ce. Numfashinka za ka saurara, in kana iya hira to ba ka fara ba. Ka tafi da ruwan sha, ana gumi a ciki ba a sani ba. Ka sa riga a ƙarƙashin bel ɗin, ni sai da ya saɓule min fatar haƙarƙari. Ga sanyin hunturu, ni kaɗai a wurin iyon otal, yara na leƙe suna dariyar baban da ke gudu ba ya zuwa ko'ina, ga kuɗin shiga kullum. Uwargida ta ce kuɗin cefane nake zubawa a ruwa.

Iyo ma yana taimakawa, sai dai ba motsin gudu ba ne. In za ka yi, kar ka tokari bango da ƙafar in za ka juya, in shurin ruwa na taɓa ciwon ka matse soso tsakanin cinyoyi ka ja da hannu kawai.

Inda na cuci kaina shi ne komawa. Bayan sati takwas ƙirjina garau, ranar farko na yi kilomita 10 ko haki babu. Kwana biyar haka, ciwon ya dawo daidai inda yake, na sake zaman sati shida. Zuciya ta sha horo, ƙashi da jijiya kuwa wata biyu ba su daki ƙasa ba. A karo na biyu sai da na iya tafiyar minti 30 da tsalle da ƙafa ɗaya ba ciwo, sannan na fara gudun minti ɗaya, tafiyar minti huɗu, a kan ciyawa, yau a yi gobe a huta, ranar hutun in koma ruwa. In ka tashi da safe ka danna wurin ka ji shi, ka koma baya.

Bel ɗina yana nan rataye, in kana Kaduna ka yi min magana ka ara.