Jimla na tona amsar gurbi

Tambaya: Ina tsara wa ɗalibaina tambayoyin cike gurbi daga darasin tarihi, amma wanda bai buɗe littafi ba ma sai ya ci. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, wakilin suna ne ke tona maka asiri. Ɗauki wannan: "______ ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci", ka jera Nana Asma'u, Muhammadu Bello, Abdullahin Gwandu. Wannan "ta" ɗin ta gama jarabawar, mace ɗaya ce a jerin. Haka "ne" da "ce" suke yi, haka "suka" ke sanar da jam'i. Mai haɗin mallaka ma mugun ɗan tsegumi ne: in ka bar "______r Sakkwato", yaro ya san kalmar mace ce, daula za ta faɗo masa.

Gyaran bai da wuya. Ko dai duk zaɓin su zama jinsi ɗaya da adadi ɗaya, ko ka matsar da gurbin ƙarshe ta yadda ba abin da zai dace da shi kaɗai: "Sunan wanda ya jagoranci jihadin 1804 shi ne ______", zaɓi duk maza. Harafin mallakar kuma ka haɗiye shi cikin gurbin.

Ni kafin in buga, sai in miƙa wa malamin lissafi takardar. In ya ci fiye da yadda canki-canka zai ba shi, na koma na sake jimlolin.